Amsoshin Tambayoyinku: Daga Wace Rana Ake Fara Ƙirga Wa'adin Mayar da Kaya?

TAMBAYA: Ina zaune a Kibiya. Na yi odar fanka mai caji da man shafawa ta waya, a wani shagon intanet da ya ce ana iya mayar da kaya cikin kwana 7. Ƙanena ne ya karɓo mini a Kano, kayan suka iso ni bayan kwana huɗu. Fankar ba ta riƙe caji. Da na nemi mayarwa sai suka ce wa'adi ya wuce, man kuma ba a mayar da shi ko kaɗan. Daga yaushe ake fara ƙirga kwanakin nan? Me ya sa ake ware wasu kaya?

AMSA: Ranar fara ƙirga ta danganta da yadda aka yi cinikin. In kin je shago da ƙafarki, a ce Farm Centre ko Sabon Gari, kin biya kin fito da kayanki, ranar saye da ranar karɓa ɗaya ce, kuma kwanan watan da ke kan rasit shi ne mafari. A cinikin nesa kuwa, tsakanin biya da isowa ana iya yin mako ɗaya ko biyu, don haka manyan shagunan intanet suka saba ƙirgawa daga ranar da aka miƙa kaya. Dalilin a fili yake: an ba da kwanakin ne domin mai saye ya duba ya gwada, ba kuwa za ki gwada abin da yake cikin mota a hanyar Legas ba.

Inda mutanenmu na Rano da Kibiya suke faɗawa shi ne ma'anar "miƙa kaya". A wurin mai sayarwa, kaya sun isa ne a ranar da wani ya sa hannu ya karɓa da sunanki, ko da ke ba ki sa su a ido ba. Ɗan aikenki kamar hannunki ne. Mu ɗauka kin biya ranar Alhamis 2 ga wata, kayan suka sauka a wurin karɓa a Kano ranar 9, ƙanenki ya je ya ɗauka ranar Asabar 11, sannan ya ba direban motar Rano, daga can aka ƙaraso da su Kibiya ranar Laraba 15. A zuciyarki kwana bakwai sun fara ranar 15, za su ƙare 22. A littafinsu sun fara tun 11. In washegari ce rana ta farko, wa'adi zai cika Asabar 18. In kuma ranar karɓar ake lissafawa a matsayin ta farko, Juma'a 17 ce ƙarshe. Galibi kwanakin kalanda ake nufi, har da Asabar da Lahadi, sai in an rubuta cewa ranakun aiki ne. Ashe kwana biyu ko uku ne suka rage miki a lokacin da kika buɗe kwalin. Fanka mai caji kuwa ba ta nuna halinta a rana ɗaya, sai an cika ta an bar ta ta yi aiki har ta mutu, a garin da wutar ma sai an jira ta.

Saboda haka nake ba da shawara a duba saƙon da ke shigowa waya cewa an miƙa kaya, domin ranar da ke jikinsa ita za su kafa hujja da ita. Kada a bar ɗan aike ya karɓa sai ranar da zai taho gida. In dole ne kayan su kwana a birni, ya buɗe a can, ya jona, ya ɗauki hoto da bidiyo. A tambaya kuma ko shigar da buƙatar mayarwa cikin wa'adi ya wadatar, ko sai kayan sun koma hannunsu kafin ya cika. Ga mai zuwa Kano daga Kibiya, wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

To amma maganar fankarki ba ta ƙare da cikar kwana bakwai ba. Mayar da kaya iri biyu ne. Akwai na wanda ya canza ra'ayi, kaya lafiyarsu ƙalau amma launi ko girma bai yi masa ba; wannan alfarma ce ta shago, shi yake yanka mata kwanaki da sharuɗɗa. Akwai kuma na aibi, wanda haƙƙi ne. Dokar kare masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka gaza ingancin da ya kamata cikin wata uku daga ranar da aka miƙa su, a gyara, ko a sauya, ko a maido kuɗi. Rubuta "ba a mayar da kaya" a rasit ba ya share wannan haƙƙi. Ki rubuta musu a saƙo, ki ambaci lambar oda da ranar karɓa, ki faɗi aibin dalla-dalla: an yi caji awa kaza, ta mutu bayan minti kaza. Kada ki bari mai gyara ya kwance ta, don da zarar an taɓa ciki za su ce ke kika lalata. In sun ƙi saurare, ki kai ƙorafi ga hukumar da waɗannan shaidun.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da raba waɗannan biyun, zaɓin da aka yi sharaɗinsa a ciniki da zaɓin da aibi ya jawo. A Muhtasar na Halil tsawon zaɓin ma yana bin irin kayan, gida kamar wata guda, dabba da tufa kamar kwana uku, gwargwadon lokacin da ake buƙata a gane halin abu.

Batun man shafawa kuwa, a nan ina ganin shagon yana da gaskiya, matuƙar kin ɓalle murfin. Tambayar da mai sayarwa yake yi ita ce ko zai iya sake sayar da abin ga wani a matsayin sabo. Mai, turare, kayan ciki da ɗan kunne, in an buɗe ko an sa a jiki, ba wanda zai iya rantsewa a kan tsabtarsu. Abinci yana lalacewa kafin ya koma. Katin waya da aka kankare ya riga ya ba da sirrinsa. Yadin da aka yanka miki a Kantin Kwari, ko rigar da aka ɗinka da awonki, ba su da wani mai saye sai ke. Ko a Tarayyar Turai, inda doka ta ba mai sayen nesa kwana 14 daga ranar karɓa ya fasa ba tare da ba da dalili ba, an cire kayan da aka yi su bisa oda ta musamman, da masu saurin lalacewa, da na tsabtar jiki da aka ɓalle hatiminsu.

Wannan warewar ta shafi canza ra'ayi ne kawai. In man ya zo da kwanan watan lalacewa da ya wuce, ko jabu ne, ko ba shi kika yi oda ba, ya koma babin aibi, kuma kina da bakin magana. Ki juya kwalbar ki duba kwanan watan da lambar NAFDAC, ki ɗauki hotonsu tare da rasit kafin ki sake tuntuɓarsu.