Daga Silaid Zuwa Handawut: Shawarwari Ga Malamin Da Ke Da Ɗalibi Mai Larurar Gani

Malam, silaid ɗin da kake haskawa a aji rabin darasi ne, ragowar rabin yana bakinka da ɗan yatsanka, lokacin da kake nuna allo kana cewa "ku dubi nan". Ɗalibin da ba ya gani da kunne yake karatu. Manhaja irin su NVDA ko JAWS a kwamfuta, ko TalkBack a wayar Android, ita ke karanta masa abin da ke allo da murya. Rubutu take iya karantawa, hoto kuwa galibi sai abin da ka rubuta mata a kansa. Zan yi misali da lakca guda ta labarin ƙasa a kan ruwan sama da tsirran Nijeriya, wadda ke da zanen ruwan saman Kano, da taswira, da jadawali. Duk aikin da PowerPoint da Word za a yi shi, ba sai ka sayi komai ba.

1. Kada ka tura hoton silaid ka ce handawut ne.
Takardar da aka ɗauka da kyamarar waya, ko aka yi wa sikanin aka tura a guruf ɗin aji, ga manhajar karatu shafi ne fayau babu ko harafi ɗaya. Gwajin ba wuya: buɗe fayil ɗin, danna Ctrl+F, ka nemi wata kalma da kake gani da idonka a shafin, misali "Kano". Idan kwamfuta ta ce ba ta same ta ba, to ɗalibinka ma ba zai ji ta ba.

2. Zaro rubutun zalla, sannan ka duba abin da ya ɓace.
A PowerPoint na Windows shiga File, sai Export, sai Create Handouts, ka zaɓi Outline only. Sauran zaɓin da ke wurin, irin su Notes next to slides, suna liƙa kowane silaid a Word a matsayin ƙaramin hoto, ka ga an koma gidan jiya. Sai dai Outline only na da nasa giɓin: rubutun da ke gurbin take da gurbin jikin silaid kaɗai yake ɗaukowa, duk abin da ka rubuta a Text Box, ko a cikin zane, ko a jadawali, a baya zai bar shi. Don haka ka ajiye silaid ɗin a gefe guda, Word a ɗaya gefen, ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana mayar da abin da ya zube.

3. Mayar da guntayen kalmomi cikakkun jimloli.
Silaid da ke cewa "Agusta, ƙololuwa" ya wadatar a aji domin kana tsaye kana bayani, amma a takarda mai sauraro ba zai san ƙololuwar mece ce ba. Rubuta: "A Kano, ruwan sama ya fi yawa a watan Agusta." Idan ka saba rubuta bayananka a sashen Notes da ke ƙasan silaid, rabin aikin ya riga ya kammala, kwafowa kawai za ka yi.

4. Yi kanun sassa da Heading, ba da ƙara kaurin rubutu ba.
Mai gani yana hango kan sashe saboda girmansa, manhaja kuwa ba ruwanta da girma, alamar da ke ɓoye a bayan layin take bi. Sa kan babban sashe a Heading 1, na ƙaramin sashe a Heading 2, ko ka danna Ctrl+Alt+1 da Ctrl+Alt+2 in kana sauri. Da wannan ne ɗalibin zai riƙa tsallakawa daga sashe zuwa sashe da maɓalli guda, maimakon ya saurari shafi goma daga farko duk sanda yake neman bayanin Sahel a daren jarrabawa. Don ka tabbatar, buɗe Navigation Pane a ƙarƙashin View: kanun da suka jeru a wurin su ne manhajar za ta gani. Ni ina son a kuma sa lambar silaid a ƙarshen kowane kan sashe, domin idan ka ce "mu koma silaid na bakwai" a aji, shi ma ya san inda aka nufa.

5. Tace hotunan kafin ka rubuta wa ko ɗaya bayani.
Tambayi kanka: idan na cire wannan hoton, darasi ya ragu? Tambarin makaranta da hoton gajimaren da ka sa don ƙawa, ko dai ka goge su, ko ka buɗe akwatin Alt Text ka zaɓi Mark as decorative, manhajar ta wuce su shiru. Waɗanda suka rage kuma ka sa kowanne a In Line with Text, domin hoton da ke yawo a saman rubutu manhaja kan tsallake shi, ko ta karanta shi a inda ba muhallinsa ba.

6. Abin da kake faɗa sanda kake nuna hoton, shi za ka rubuta.
Danna hoton da maɓallin dama, zaɓi Edit Alt Text, wasu nau'o'in Word ɗin View Alt Text suke rubutawa, ka sa jimla ɗaya ko biyu. Ɗauki zanen ruwan saman Kano. In ka rubuta "zane mai shuɗɗan sanduna goma sha biyu", ka faɗi kamanninsa amma ba ka koyar da komai ba. In ka rubuta "ruwan sama", take kawai ka maimaita. Abin da ake so shi ne: "Zanen sanduna na ruwan saman Kano wata-wata: kusan babu ruwa daga Nuwamba zuwa Maris, ya kankama a Mayu da Yuni, ya kai ƙololuwa a Agusta, ya ja baya sosai a Oktoba." Lura da tsarin: irin zanen, sai abin da yake aunawa, sai abin da ya nuna. Ba sai ka fara da "wannan hoto ne na" ba, manhajar da kanta tana sanar da cewa hoto ne, amma faɗin cewa zanen sanduna ne ko taswira yana taimaka wa mai sauraro ya shirya tunaninsa. Kuma ka rubuta da harshen da kake ba da lakcar, da kalmomin da za su fito a jarrabawa.

Wuri ɗaya ne ake sauya salo. Idan tambaya ka yi a ƙarƙashin zanen, misali "a wane wata ruwa ya fi yawa?", to kada bayanin ya furta amsar. Ba shi adadin kowane wata yadda 'yan'uwansa ke ganin tsawon kowace sanda, ya gano amsar da kansa, don shi ma tunani ya zo koya.

7. Hoton da ya fi ƙarfin jimla biyu, bayaninsa ya zauna a jikin takarda.
Taswirar tsirran Nijeriya ba za ta shiga ɗan akwatin Alt Text ba, kuma dogon bayani a can yana gajiyar da mai sauraro, ga wuyar komawa tsakiyarsa. A akwatin ka rubuta: "Taswirar yankunan tsirran Nijeriya, cikakken bayani yana ƙasa." Sannan a ƙarƙashin taswirar ka bi hanya ɗaya tak, daga kudu zuwa arewa: dajin bakin teku mai ruwan gishiri a gaɓar Neja Delta, sai kurmi, sai sabanar Gini wadda ta fi kowane yanki faɗi kuma Abuja na cikinta, sai sabanar Sudan inda Kano take, sai siririn yankin Sahel a can arewa maso gabas wajen Tafkin Chadi. Kana kafa kowane yanki da sunan garin da ɗalibi ya sani, taswirar tana zama a kansa. Zane mai kibiyoyi, irin na kewayen ruwa, shi kuma ka mayar da shi jerin matakai masu lamba: rana ta ɗumama ruwa, tururi ya tashi, ya zama gajimare, ruwa ya sauko, ya gangara rafi ko ya nutse ƙasa. Wannan bayanin da ke fili kowa zai amfana da shi, har wanda ya zauna a bayan aji bai hango allo ba.

8. Jadawali a sake buga shi, kada a liƙa hotonsa.
Yi amfani da Insert, sai Table, layin farko ya ɗauki sunan kowane ginshiƙi, wato wata da yawan ruwa da ma'auninsa, ka kuma kunna masa Repeat Header Rows. Ka guji haɗe gidaje biyu su zama ɗaya, kuma inda babu ruwa ka rubuta 0 maimakon ka bar gidan wayam, don kada mai sauraro ya kasa gane adadin wane wata yake ji.

9. Tuna da mai raunin gani, ka tuna da injin fotokwafi.
Yawancin ɗalibai baƙi da fari za su buga takardar a shagon bakin makaranta, inda jan layi da koren layi duk toka-toka za su fito. Saboda haka kada launi kaɗai ya ɗauki ma'ana: rubuta sunan kowane layi a jikinsa, ko ka sa ɗaya ya zama mai ɗigo-ɗigo. Rubutu baƙi a kan fari, irin su Arial, girmansa kada ya gaza 12, wanda ganinsa ya yi rauni kuma a buga masa nasa a 16 ko 18.

10. Ba da fayil ɗin Word, PDF ya biyo baya.
A Word ɗalibi zai iya ƙara girman rubutu yadda idonsa ke so, kuma ya fi sauƙin juyawa zuwa rubutun makafi na Biril. In za ka yi PDF, bi ta Save As, shiga Options, ka tabbatar Document structure tags for accessibility a kunne yake. Kada ka bi ta Print, domin ta nan kanun sassa da bayanan hotunan da ka sha wahalar rubutawa kan zube gaba ɗaya.

11. Saurari takardar kafin ka tura.
Fara da Check Accessibility a ƙarƙashin Review, zai lissafo maka hotunan da ba su da bayani, amma ba zai iya gaya maka ko bayanin da ka sa yana da ma'ana ba. Wannan sai kunne: danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter tare, Narrator zai fara magana, ka kau da kai daga allo ka saurari shafi biyu, duk inda ka rikice ka gyara. Daga nan ka tura wa ɗalibin kwana ɗaya ko biyu kafin lakca, domin ba zai iya sauraron manhaja da sauraronka a lokaci guda ba. Bayan darasi ka kira shi gefe, ba a gaban aji ba, ka tambaye shi wane hoto ne bai fito masa ba, ka gyara shi kafin lakca ta gaba.