Kasafin Gida ga Mai Samu Maras Tabbas

Malama mai sauraronmu daga Funtuwa, kin ce maigidanki tela ne, samunsa yau akwai gobe babu, kina tambaya yaya za ku tsara kasafin wata.

To Malama, kada ku gina lissafi a kan watan da ɗinki ya yi yawa, kamar gabanin Sallah. Ku duba watanni shida da suka wuce, ku ɗauki wanda samu ya fi ƙaranci. A ce naira 90,000 ne. Wannan shi ne ma'auninku, daga ciki za a fitar da cefane, magani, da kason hayar gida. Idan haya 120,000 ce a shekara, a ware 10,000 kowane wata, kada mai gida ya zo a rasa abin ba shi.

In wata ya kawo 150,000, rarar 60,000 ba ta kashewa ba ce. A sayi buhun masara da kaka, lokacin da hatsi ke araha, sauran a ajiye a asusu daban don cike giɓin watan da kasuwa ta mutu. Adashi kuwa, ku shiga wanda za ku iya zubinsa ko a watan ƙunci. Idan kun ga kuna cin bashin mai kanti kafin ƙarshen wata, ma'aunin ya yi sama, ku rage shi.