Wainar Ƙwai da Dankali: Kada Ta Yi Ruwa, Kada Ta Zama Roba

'Yan'uwana ɗalibai, a tsadar nan ba mai son ya fasa ƙwai shida su tafi a banza. Wainar da nake magana ba irin falalen mai shayi ba ce. Mai kauri ce da ake yankawa kamar kek, wadda mutanen Sifaniya ke kira tortiya. A gida Maruta a kan garwashi nake yin ta, a makaranta kuma a risho.

Hanya biyu take lalacewa: ko ta tsatsafo da ruwa a faranti, ko ta yi tauri kamar danƙo.

Ruwan daga kayan haɗi yake fara fitowa. Ɗanyen dankali da albasa cike suke da ruwa, in ka zuba su haka cikin ƙwai, a ciki za su sake shi. Don haka ka yanka dankalin Turawa rabin kilo siriri-siriri, da albasa babba guda. Ka soya su a man gyada, wuta kaɗan, kamar minti 15, har dankalin ya yi laushi amma bai yi ƙarau ba. Ka tsame, ka tsane man. In kana son tumatir, cire 'ya'yansa ka soya shi daban har ruwansa ya ƙone.

Sai ka kaɗa ƙwai 6 da gishiri, ka juye dankalin da ɗuminsa, ka bar su minti 10. Dankalin zai sha ƙwan, wainar ta riƙe jikinta.

Taurin kuwa laifin wuta ne. Ƙwai yana kamewa tun wajen digiri 70, kafin ma zafin tafasar ruwa. In zafi ya wuce ƙima sai ya tsuke, ya matso ruwan jikinsa kamar an matse soso. Shi ya sa wainar da ta sha wuta za ka gan ta ga tauri ga ruwa.

Shafa mai cokali biyu a ƙaramin kasko mai zurfi, ka juye haɗin, ka rage wuta sosai, ka rufe. Bayan minti 6 zuwa 8 gefe zai kame. Kifa faranti a kai, ka juya, ka mayar da ita na minti 3. In a kurfoti ne, babu buƙatar juyi: rage garwashin ƙasa, ka ɗora 'yan kaɗan a kan murfin ƙarfe, ya zama tanda ke nan.

Yaya za ka gane ta yi? Soka wuƙa a tsakiya. In ruwan ƙwai ya biyo ta, da saura. In ta fito da ɗan danshi kawai, sauke nan take, kada ka jira ta bushe. Bar ta minti 5 kafin ka yanka, zafin da ke cikinta zai ƙarasa dafa tsakiyar.