Kaurin kunu ga mai shanyewar ɓarin jiki: a rubuta lamba, a daina cewa "mai ruwa-ruwa"

Aikina kula da abincin marasa lafiya ne, kuma abin da ya fi damuna shi ne takardar sallama da ake rubuta wa mai shanyewar ɓarin jiki cewa "a ba shi abinci mai ruwa-ruwa". Iyali suna ganin haka sai su tsinka koko ya koma kamar ruwa, suna ganin sauƙi suka yi masa. Alhali ga mutane da yawa masu wannan larura, ruwa tsararo ya fi komai wuyar haɗiya, domin yana gangarawa da sauri kafin maƙogwaro ya rufe hanyar numfashi. Ya faɗa huhu, bayan 'yan kwanaki sai zazzaɓi da ciwon huhu.

Akwai ma'auni na duniya da ake kira IDDSI, mai matakai daga 0 zuwa 7. Abin sha yana tsakanin 0 da 4, abin ci kuma daga 3 zuwa 7. Ana auna abin sha da sirinji mai mililita 10 da aka cire wa allura da sandar turawa: a toshe bakinsa da yatsa, a cika shi zuwa layin mililita 10, a saki na daƙiƙa 10, a sake toshewa. In abin da ya rage bai kai mililita 1 ba, mataki na 0 ke nan. Daga 1 zuwa 4 mataki na 1, daga 4 zuwa 8 mataki na 2, sama da 8 mataki na 3. Mataki na 4 da cokali ake gwada shi: ya zauna a kai ba ya zuba, an karkata ya faɗi gaba ɗaya ba tare da ya manne ba.

Wani dattijo da aka dawo da shi gida daga Gusau, 'yarsa ce ke jinyarsa. Ta ce mini, "Malama, Baba ba ya tari ko kaɗan, yana shanye kokonsa." Na sa ta ba shi a gabana. Bai yi tari ba kuwa, amma da na ce ya yi magana sai muryarsa ta fito a jiƙe tana ƙurƙura, idonsa ya kawo ruwa. Rashin tari ba shaidar lafiya ba ce. Wasu abu na shiga musu huhu shiru. Na auna kokon, ko mililita 1 bai rage ba. Bayan mun duba haɗiyarsa tare da likita, muka tsayar da abin sha a mataki na 3, abin ci a mataki na 4.

Abin da na rubuta a katinsa ke nan, kuma haka nake roƙon abokan aiki su riƙa yi. Na sa kwanan wata da lambar kowane mataki, sannan na fassara su zuwa abin da ke tukunyar gidan: kunun gyaɗa tatacce wanda sirinji zai riƙe sama da mililita 8, da faten wake ko dankali da aka niƙa sumul babu gudaji. Na hana fura mai gaya a cikin nono tsararo, saboda ruwan yana riga gudajin gaba. Na hana lomar tuwo don tana mannewa a ganɗa. Na rubuta cewa ruwan shan magani da ruwan rubutu su ma mataki na 0 ne, sai an kaurara su. A ƙasa na sa yadda za a ba shi: a zaune a miƙe, cokali ɗaya ɗaya, a duba kumatun ɓangaren da ya shanye ko abinci ya maƙale, a wanke baki, ya ci gaba da zama na minti 30. Na sa ranar da za a sake dubawa, domin da yawa haɗiyarsu na gyaruwa cikin makonni, bai kamata a bar mutum kan kunu har abada ba.

A kula da abu biyu. Kunu na ƙara kauri in ya huce, kuma yawu da ke komawa kwano ta cokali yana tsinka shi, don haka a auna shi a daidai lokacin da za a sha. Sannan mai shan abu mai kauri yakan rage sha, ga zafinmu na bazara. Fitsari kaɗan mai duhu alama ce ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Iyali kada su zaɓi mataki da kansu. Kafin ku baro asibiti ku tambaya, "Mataki na nawa ne, kuma yaushe za a sake dubawa?" In kun ga zazzaɓi, numfashi sama-sama, ko ya kasa haɗiye ko da yawunsa, ku dakatar da ba shi komai ta baki ku kai shi asibiti a ranar.