Amsoshin Tambayoyinku: Bututun da Ba Zagayayye Ba

Tambaya: Ni ɗan Jangeru ne, ina karatun injiniya a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura Namoda. Duk lissafin gudun ruwa da aka koya mana na zagayayyen bututu ne, alhali yawancin kwalbatocin da nake gani a hanya masu kusurwa huɗu ne. An ce a yi amfani da haidirolik dayamita. Shin ba dabarar kauce wa wahala ba ce kawai?

Amsa: Dabara ce kam, amma tana da tushe. Abin da ke tura ruwa gaba yana aiki ne a kan girman bakin da ruwan ya cika, abin da ke riƙe shi kuwa gogayya ce da bangon da yake taɓawa. Saboda haka ake auna wannan da wancan: `Dh = 4A/P`, inda `A` shi ne girman bakin, `P` kuma tsawon kewayen da ya jiƙe. An sa huɗun ne don idan bututun zagayayye ne amsa ta fito daidai da faɗinsa.

Mu ɗauki kwalbati mai faɗin mita 1.2, tsayi mita 0.6, tsawo mita 12, ya cika maƙil a watan Agusta. Girman bakinsa murabba'in mita 0.72 ne, kewayensa mita 3.6, don haka `Dh` ya kama mita 0.8. A ce ruwan na gudun mita 1.5 a daƙiƙa. Lambar Reynolds za ta kai wajen miliyan 1.2, wato ruwan a hargitse yake tafiya. Ga siminti mai ɗan kaushi, taswirar Moody za ta ba ka `f` kusan 0.02. Ka sa su cikin `h = f(L/Dh)(V²/2g)`, za ka ga gogayya ta ci kimanin santimita 3.5 na tsayin ruwa.

A irin wannan hali kimantawar tana da kyau, kuskurenta bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Dalili kuwa, ruwan da ya hargitse yana cakuɗa kansa, gudunsa a tsakiya kusan ɗaya ne ko'ina, gogayyar duk ta taru a wani siririn sashe da ke jikin bango. Wannan sashen bai damu da siffar bututun ba, tsawon bangon kawai ya sani.

Inda take ba da kunya shi ne idan ruwa ko mai na tafiya a natse, lambar Reynolds ƙasa da 2,300, kamar a ƙananan ramukan lagireto ko siririyar tsagar da baƙin mai ke bi a inji. A nan tasirin bango yana kaiwa har tsakiya, sai siffa ta yi magana. A zagayayyen bututu `f = 64/Re`, amma a mai kusurwa huɗu da ɓangarorinsa suke daidai lambar 57 ce, a siririyar tsaga kuma 96. Wanda ya ɗora 64 a kan tsaga ya zubar da kashi ɗaya cikin uku na asarar. Gyaran shi ne ka nemo lambar siffar da ke gabanka.

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai ma ba wannan ba ne. Sai yaro ya samu mita 0.8, ya mayar da kwalbatin zagayayye, ya fitar da girman baki 0.50 maimakon 0.72. Gudun ruwan ya tashi daga 1.5 zuwa sama da 2, asarar ta ninku biyu. Gudu daga ainihin girman baki ake samo shi, `Dh` aikinsa lambar Reynolds da kaushin bango da gogayya ne kawai.

Idan kwalbatin bai cika ba, kada ka lissafa saman ruwan cikin kewaye, domin iska ba bango ba ce. Haka idan yashi ya cike ƙasansa, ka auna ragowar bakin. Kogi kuwa, irin Gagare ko Bunsuru, in ya tumbatsa ya malala fadama, lamba ɗaya ba za ta wakilce shi ba: sai a raba shi, tsakiya mai zurfi daban, gefe daban.

Ni dai a gajeren kwalbati ba na ɓata lokaci kan wancan kashi 15 ɗin. A misalinmu, asarar shiga da ta fita sun haɗu sun kai kusan santimita 17, ninki biyar na abin da gogayya ta ci. In kana so ruwa ya daina taruwa a bayan titi, siffar bakin shiga da yashin da ke ciki za ka fara dubawa.