Tarin "ba" a takardar hayar gona

Manoman rani na Bakolori, daga Maradun zuwa Talata Mafara da Bakura, ku lura da sharaɗi irin wannan: "Mai gona ba zai ƙi biyan diyya ba, sai in ba a tabbatar ba sakacin ɗan haya ne ya jawo asarar ba."

A warware shi haka: "Mai gona zai biya idan an tabbatar ɗan haya bai jawo asarar da sakacinsa ba. In ba a tabbatar ba, yana iya ƙi."

Kada a rubuta "zai biya sai in an tabbatar da sakaci." Wannan ya sauya hukunci. A ce ruwa ya fasa kunya ya kwashe shinkafa, babu shaida ko ɗaya. A rubutun asali ɗan haya ya rasa diyya, a wannan kuwa mai gona ne zai biya.