Tsakanin ty da vy a harshen Rashanci

Wani mai saurarenmu da ke karatu a Moscow ya ce zai tura wa malamarsa saƙo, yana tambaya: ty zai ce mata ko vy?

To malam, vy za ka ce. Ty na aboki ne, da ɗan gida, da yaro ƙarami. Vy kuwa tamkar yadda muke ce wa babba "ku" ne, sai dai a wurin Rashawa har tsaranka da ba ka sani ba vy za ka ce masa. Aikatau ma yana canzawa: izvini ga aboki, izvinite ga malama, wato "a yi haƙuri". Idan ka haɗa vy da izvini, nan take za ta gane kuskuren. Ka kira ta da sunanta haɗe da na mahaifinta. Kada ka koma ty sai ita ta fara nema.